"Mai Kyau" Ba Ta Hawa Sikeli: Yadda Ake Gyara Takardar Siffanta Kayan Kwangila

Wanda ya shiga kasuwa sayen hatsi da ƙafarsa ba ya bukatar ya yi wa mai sayarwa dogon bayani a kan irin abin da yake so. Zai cusa hannu cikin buhu ya ɗibo, ya murza, ya sansana, ya sa ƙwaya ɗaya a haƙori ya ciza. In ta fashe da ƙara ya san ta bushe, in ta lotse ya wuce gaba. Gani ya kori ji. Amma hukuma, ko makarantar kwana, ko ƙungiyar agaji da za ta sayi hatsi tan ɗari-ɗari, ba ta da wannan dama. Wanda ya ga bukatar daban, wanda ya rubuta daban, wanda zai biya kuɗin daban, kuma sau da yawa ɗan kwangilar yana wata ƙasa, bai taɓa haɗuwa da ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya haɗa su duka takarda ce guda, wadda ke faɗin irin kayan da ake so. Duk abin da hannu da hanci da haƙori za su yi a kasuwa, wannan takarda ce za ta yi shi.

To, a ɗauka wata ƙungiya tana son sayen farar masara tan 500, watau buhu 10,000 mai kilo hamsin-hamsin, don ciyar da mutanen da fari ya kora daga gidajensu. Akawun da aka sa ya rubuta takardar sai ya rubuta haka: "Ana bukatar farar masara mai kyau, sabuwa, busasshiya sarai, mai tsabta, wadda ta dace da cin ɗan Adam, cikin buhuna masu ƙarfi, a kawo da gaggawa." Duk wanda ya karanta zai gyaɗa kai, domin babu kalma guda a ciki da za a ce ƙarya ce. Ranar da motoci suka tsaya a ƙofar sito ne za a gane cewa takardar ba ta faɗi komai ba. Mai kula da sito zai ce masarar da laima, ɗan kwangila zai ce ta bushe, kowannensu kuwa yana iya rantsuwa bisa gaskiyarsa. Da wace hujja za a mayar da kayan? Da wace hujja kuma za a karɓa, in daga baya mai binciken kuɗi ya zo yana tambaya?

Ba ƙananan akawuna kaɗai irin waɗannan kalmomi suka wahalar ba. A shekarar 1960 'ya'yan talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Burazil, tana ɗauke da wata guba da funfuna ke haifarwa, wadda daga baya aka sa wa suna afalatoksin. Cikin waɗanda abin ya shafa har da wata gona mai suna Hardwick, mai kiwon wasu tsuntsaye dangin fakara. Sai ƙara ta tashi daga mai gona zuwa mai haɗa abincin kaji, daga shi zuwa dillalan da suka sayar masa, har zuwa waɗanda suka shigo da kayan. Dokar ciniki ta Ingila ta 1893 ta ce lalle kaya su kasance "masu sayuwa a kasuwa". Shin tunkuzar da ke kashe 'ya'yan tsuntsaye, amma ana iya sa ta kaɗan cikin abincin shanu, mai sayuwa ce ko kuwa? Ba a gama shari'ar ba sai a 1968, a Majalisar Dattawan Ingila, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, kuma alƙalan kansu ba su haɗu a kan ma'anar kalmar ba. Mafi yawansu suka ce mai sayuwa ce, ko da yake sun kama masu sayarwar ta wata fuska, cewa kayan ba su dace da aikin da aka saye su dominsa ba. Shekara takwas ke nan ana jayayya a kan siffa guda.

Akwai awo mai sauƙi da ake yi wa kowace jimla ta irin wannan takarda. A ba mutum biyu da ba su san juna ba jimlar, a ba su buhu guda, kowa ya shiga ɗakinsa. In suka fito da hukunci iri ɗaya, jimlar ta zama sharaɗi. In suka saɓa, to fata ce kawai aka rubuta. Don jimla ta ci wannan awo sai ta faɗi abin da za a auna, da iyakarsa, da hanyar da za a auna shi. Takardar kuma gaba ɗayanta sai ta faɗi inda za a ɗibi samfur, da wanda zai ɗiba, da abin da zai biyo baya in kayan suka gaza.

Bari a fara da "busasshiya sarai", domin nan ne kuɗi ya fi salwanta. Babu masarar da ba ta da ruwa a cikinta. Tambayar ita ce nawa. Hukumar Kodeks, wadda Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa tare don tsara ƙa'idojin abinci, ta fitar da ƙa'idar masara a 1985, ta ce laima kada ta wuce kashi 15.5 cikin 100 na nauyi. Amma ta ƙara da cewa wasu wurare za su bukaci ƙasa da haka, gwargwadon yanayinsu da tsawon tafiya da ajiya. Wannan ƙarin bayani shi ne ya shafi mai saye a ƙasa mai zafi. Masarar da za ta yi watanni a sito mai ɗumi, in laimarta ta kai 15, funfuna zai samu wurin zama. Shi ya sa masu sayen hatsi don ajiya a irin waɗannan ƙasashe suka saba tsayawa a kan kashi 13.5 ko kusa da haka, domin a nan ne iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ba ta da danshin da zai ishi funfuna ya yaɗu. Kwafo adadi daga wata ƙa'ida ba tare da an tambayi tsawon zaman da kayan za su yi ba, kuskure ne da ya yi kusa da na rubuta "busasshiya".

Ga kuma lissafin kuɗin. In ɗan kwangila ya kawo tan 500 mai laima kashi 17, ainihin hatsin da ke ciki, in an cire ruwa duka, tan 415 ne. Idan wannan masara ta bushe ta sauko 13.5, nauyinta zai koma tan 480 ba kaɗan. Watau ƙungiyar ta biya kuɗin masara a kan ruwa tan 20, kimanin buhu 400, wanda zai bi iska cikin 'yan makonni. Bayan wata uku in aka sāke auna buhunan aka ga sun ragu, mai kula da sito za a fara zargi da sata, alhali ɓarnar tun daga teburin akawu ta faru.

Adadi kaɗai bai isa ba, sai an faɗi abin da za a auna da shi. Akwai ƙaramar na'urar hannu da ake zuba hatsi a ciki ta nuna laima nan take. Tana da amfani a ƙofar sito, amma na'ura biyu na iya saɓawa da rabin kashi ko fiye, musamman in ba a daidaita su ba ko kuwa hatsin ya sha rana a bayan mota. Hanyar da ake komawa gare ta in gardama ta tashi ita ce ta tanda: a auna nauyin samfur, a busar da shi a zafin digiri 130 zuwa 133 na tsawon lokacin da aka ƙayyade, a sāke aunawa, abin da ya ragu shi ne ruwan. Ƙungiyar Ƙa'idoji ta Duniya ta rubuta wannan hanya dalla-dalla a ƙa'idarta mai lamba ISO 6540. Saboda haka jimlar za ta koma kamar haka: "Laima kada ta wuce kashi 13.5 cikin 100 na nauyi. Za a duba da na'urar hannu a wurin sauke kaya; in an yi saɓani, sakamakon tanda bisa ISO 6540 shi ne hukunci." A lura da "wurin sauke kaya". Masarar da aka loda a ƙasa busasshiya da rani, ta kwana goma a hanya zuwa gaɓar teku, ba lalle ta isa da laimar da ta tashi da ita ba. In takarda ba ta faɗi wurin awo ba, kowane ɓangare zai zaɓi wurin da ya fi masa daɗi.

"Mai tsabta" kuwa kalma ce guda da ta haɗiye abubuwa da yawa, gyaranta shi ne a warware ta. Tsakuwa da yashi daban suke da ƙaiƙayi da gutsattsarin totuwa, su kuma daban suke da kashin ɓera da matattun ƙwari, illarsu ma ba ɗaya ba ce: tsakuwa tana ɓata injin niƙa da haƙori, kashin ɓera yana kawo cuta. Ƙa'idar Kodeks ta ba kowanne iyakarsa. Tsakuwa da ƙasa kada su wuce kashi 0.5 cikin 100, tarkacen tsiro 1.5, ƙazantar dabba da ƙwari 0.1. Har "fara" ma ta yi mata iyaka, ta ce a farar masara ƙwayoyi masu wani launi kada su wuce kashi 2. Fasassun ƙwayoyi kuwa kashi 6, kuma ba a bar wa ido ya yanke wace ƙwaya ce fasasshiya ba: ana girgiza samfur a rariyar ƙarfe mai huda milimita 4.5, abin da ya zuba ƙasa shi ake aunawa. Duk wannan aiki da rariya da ƙaramin sikeli da faranti ake yinsa, mutum mai haƙuri zai gama shi a inuwar sito kafin direba ya dawo daga cin abinci.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya kamata ya zauna a layinsa, da lambarsa. Dalili kuwa shi ne, in aka ɗaure sharaɗi uku a jimla guda, kayan suka cika biyu suka gaza ɗaya, mai duba kaya bai san abin da zai rubuta a gaban jimlar ba, ɗan kwangila kuma zai ce ai ya cika mafi yawa.

Sai babbar magana, "wadda ta dace da cin ɗan Adam". Wannan ce jimlar da ta fi kama da kariya, ita ce kuma ta fi zama fanko, domin gubar afalatoksin ba ta da ɗanɗano ko wari, dafuwa ba ta kashe ta, kuma masara tana iya zama fes a ido alhali tana ɗauke da ita. A 2004, a gabashin Kenya, musamman gundumomin Makueni da Kitui, mutum 317 suka kamu da ciwon hanta saboda cin masara mai wannan guba, 125 suka rasu. Mafi yawan masarar ta gida ce, wadda aka girbe aka ajiye da danshi, amma ta shiga kasuwanni, kuma da masu bincike suka ɗibi samfur daga kasuwannin yankin sai suka tarar fiye da rabi sun wuce iyakar da dokar ƙasar ta sa a lokacin. Duk ƙungiyar da ta aika a sayo mata masara "wadda ta dace da ci" daga waɗannan kasuwanni a wannan shekara, da ba ta da wata hujja a takarda ta ƙin karɓa.

Iyakar da ake magana a kai ita ce kashi 20 cikin miliyan dubu, watau cikin biliyan, wadda ita ce Amurka ke aiki da ita ga abincin mutane. Tarayyar Turai ta fi haka tsanani. Don a ji ƙanƙantar abin, miligiram 20 ke nan a cikin tan guda, ko giram 10 kacal a cikin dukan tan 500 ɗin. Mai rubuta takarda sai ya duba dokar ƙasar da za a ci abincin, ya ɗauki iyakarta ko wadda ta fi ta tsanani, ya rubuta adadin, ya faɗi cewa jimlar nau'o'in gubar huɗu ake nufi, ya kuma faɗi irin ɗakin gwajin da za a yarda da sakamakonsa.

A nan ne maganar samfur ta zama rabin aikin. Laima takan yi kusan daidai a cikin buhu, amma guba ba haka take ba. Tana taruwa ne a 'yan ƙwayoyi kaɗan, ƙwaya guda tana iya ɗaukar abin da ya ninka iyakar sau dubbai, dubban da ke kewaye da ita kuwa lafiyarsu lau. Wanda ya ɗibi tafi guda daga bakin buhu ya kai ɗakin gwaji, caca ya yi: yana iya wanke mugun kaya, yana kuma iya kayar da nagari. Shi ya sa ƙa'idar Tarayyar Turai ga babban kaso na hatsi ta ce a ɗiba daga wuri 100, a haɗa ya kai kilo 10, kuma a niƙe samfurin a gauraya kafin a ɗauki ɗan abin da za a gwada. In takarda ta ce "kashi 20 cikin biliyan" amma ta yi shiru a kan samfur, ɗan kwangila yana iya kawo takardar shaida ta gaskiya daga ɗakin gwaji na gaskiya, a kan kilo guda da shi da kansa ya tsince.

Saboda haka ƙungiyar za ta rubuta cewa za a raba kayan kaso biyar, kowanne tan 100, watau buhu 2,000, kuma kowane kaso shi kaɗai za a yi wa hukunci. Mai duba kaya wanda ba ya ƙarƙashin ɗan kwangila shi zai zaɓi buhu 100 daga kowane kaso, daga sama da tsakiya da ƙasan lodi, ya soke su da ƙarfen ɗibar hatsi, a gaban wakilan ɓangarorin biyu. Bayan an niƙa an gauraya sai a raba uku, a liƙe kowanne a sa hannu: ɗaya na ɗakin gwaji, ɗaya na mai sayarwa, ɗaya a ajiye don ranar gardama. Wannan na ukun shi ne ke hana magana ta kai kotu, domin in mai sayarwa bai yarda da sakamakon farko ba, akwai abin da za a kai wani ɗakin gwajin da aka riga aka ambata sunansa a takarda.

Sauran kalmomin ba su da wuya. "Buhuna masu ƙarfi" za su koma sababbin buhunan leda saƙaƙƙu, kowanne da masara kilo 50 ban da nauyin buhu, kuma in aka saki cikakken buhu daga tsawon da aka ƙayyade, a ce mita 1.2, bisa daɓen siminti, kada ya fashe ko ɗinkinsa ya warware. "Da gaggawa" za ta koma ranar wata da sunan siton da za a sauke. "Sabuwa" ita ce ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin babu rariya ko sikelin da zai faɗi shekarar da aka girbe masara. Abin yi shi ne a tambayi wanda ya sa kalmar abin da yake tsoro. In tsoronsa ƙwari ne da ruɓa, to a rubuta wannan kai tsaye: kada a ga ƙwaro mai rai ko ɗaya a samfurin da aka tankaɗe, kuma ƙwayoyin da ƙwari suka huda ko suka ruɓe kada su wuce kaza. In an yi haka, kalmar "sabuwa" ta gama aikinta, sai a share ta. "Mai kyau" ma haka: bayan an rubuta laima da tsakuwa da guba da sauransu, babu abin da ya rage mata ta faɗa.

Akwai abin da ba ya aunuwa da na'ura, kamar wari. Ita kanta ƙa'idar Kodeks cewa ta yi kada masara ta kasance da baƙon wari ko ɗanɗano, ba ta sa adadi ba. Inda adadi ya gagara sai a ƙayyade alƙali da hanya: mutum uku da aka ambata muƙamansu za su sansana samfurin, kowa shi kaɗai, su gwada shi da samfurin da ɗan kwangila ya kawo lokacin neman aikin, wanda aka liƙe aka ajiye, hukuncin biyu daga cikinsu ya zartu. Bai kai tanda daidaito ba, amma an san wanda zai yanke da abin da zai dogara a kai.

Ko da yake adadi ya fi siffa, shi ma yana da nasa tarko. A 1933 kotun ƙolin Ingila ta yanke hukunci tsakanin kamfanin Arcos, mai sayar da katakon Rasha, da kamfanin Ronaasen, wanda ya sayi katakon don yin gangunan siminti. Takarda ta ce kaurin katakon rabin inci. Da kaya suka iso aka tarar kaɗan ne suka yi rabin inci cif, mafi yawa sun ɗara da ɗan abin da bai hana a yi ganga da su ba. Duk da haka kotu ta ce mai saye yana da ikon mayarwa, domin rabin inci aka rubuta, kuma wanda ke son rangwame sai ya sa shi a takarda tun farko. Haka yake ga buhun masara. Babu injin da zai cika buhu 10,000 kowanne kilo 50 daidai. In aka rubuta "kilo 50" kawai, an ba mai saye sandar da zai doki mai gaskiya ranar da farashi ya faɗi, ko kuma an tilasta wa mai kula da sito ya riƙa kawar da kai, wanda shi ne mafarin cin hanci. Gara a ce matsakaicin nauyin buhunan da aka auna kada ya gaza kilo 50, kuma kada buhu guda ya gaza 49.5.

Tarko na biyu shi ne tsanantawa fiye da bukata. Akawun da ya ji daɗin adadi yana iya rubuta laima kashi 11, tsakuwa babu ko ɗaya, yana ganin ya kyauta. Sakamakon shi ne masu gaskiya za su janye ko su ɗaga farashi, wanda zai rage kuwa shi ne mai niyyar shiryawa da mai duba kaya. Kowane sharaɗi kuɗi ne, na cika shi da na gwada shi, don haka wanda ba za a gwada ba gara kada a rubuta shi. Wani lokaci ma tsanantawar da gangan ce, an ɗinka rigar ne daidai jikin ɗan kwangila guda. Saboda irin wannan ne yarjejeniyar sayayyar gwamnatoci ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda sabon tsarinta ya fara aiki a 2014, ta nemi a siffanta kaya bisa aikin da za su yi, a dogara da ƙa'idojin duniya inda suke, kuma kada a ambaci sunan kamfani ko tambarinsa sai in babu wata hanya, a nan ma a ƙara da cewa "ko makamancinsa". In takardar masara ta ambaci na'urar awon laima, ba ta da dalilin kiran sunan kamfanin da ya ƙera ta; ya isa ta ce an daidaita na'urar da sakamakon tanda.

Abu na ƙarshe da takardar za ta faɗa shi ne abin da zai faru in kaya suka gaza, domin gazawa ba iri ɗaya ba ce. Ƙungiyar tana iya rubuta cewa laimar da ta wuce 13.5 amma ba ta wuce 14.5 ba za a karɓa, a rage nauyin da za a biya bisa wannan lissafi, in N shi ne nauyin kaso, L kuma laimar da aka samu:

```
N × (100 − L) ÷ (100 − 13.5)
```

Abin da ya wuce 14.5 sai a mayar, ɗan kwangila ya busar ko ya musanya cikin kwana goma sha huɗu, da kuɗinsa. Guba kuwa ba ta da rangwame: kason da ya wuce iyaka ba a karɓarsa ko da kyauta, ba a kuma yarda a gauraya shi da wani don adadin ya sauko.

A ce ranar sauke kaya ta zo. Kaso huɗu sun cika komai, aka sa hannu. Na biyar, na'urar hannu ta nuna 14.6, ɗan kwangila ya ce tasa 13.9 ta nuna. Ba a tsaya musu ba, aka aika samfurin da aka liƙe zuwa tanda, sakamako ya dawo 14.2, tsakuwa 0.3, fasassu 4, guba kashi 6 cikin biliyan. Kason ya shiga cikin waɗanda ake karɓa da ragi. Tan 100 sau 85.8, a raba da 86.5, ya ba da tan 99.19, watau an cire kilo 810, kimanin buhu 16. Mai kula da sito ya rubuta adadin a littafinsa, ya sa a jera wannan kaso kusa da ƙofa bisa katako don shi za a fara rabawa, akawu kuma ya rubuta takardar biyan tan 499.19.